Daga Hoton Kanta Zuwa Jadawalin Kaya: Ƙidayar Shagon Tireda da Wayar Hannu

Hoton kantar shago yana nuna sahun gaba ne kawai. Idan aka tsaya a tsakiyar shagon tireda aka ɗauki hoton inda gwangwanayen madara suke jere, za a ga guda takwas a fuska, amma hoton ba zai faɗi ko sahu biyu ne a bayansu, ko uku, ko kuwa bango ne kawai ba. Duk wanda zai mayar da hotunan kanta su zama jadawalin kaya mai adadi da farashi, daga nan matsalarsa take farawa, kuma galibin kurakuran da ake samu a ƙarshe ana iya bin sawunsu har zuwa nan. Amfanin hoton shi ne ya zama shaida da tunatarwa: yana tsayar da shagon cik a lokaci guda, yana ba da damar a zauna daga baya cikin natsuwa a shigar da kaya, kuma idan gardama ta tashi tsakanin maigida da yaron shago akwai abin da za a koma a duba. Ƙidayar kanta kuwa, hannu ne yake kammala ta.

Saboda haka aikin yana farawa tun kafin a ɗaga waya. Ana zaɓar lokacin da ba a ciniki, ko bayan an rufe da dare ko da sassafe kafin a buɗe, domin idan ana ɗaukar hoto ana sayarwa, sabulun da ya fito a hoton ƙarfe bakwai zai iya kasancewa a gidan mai saye kafin a zo kan katan ɗinsa a sito, kuma lissafin ba zai taɓa haɗuwa ba. Sai a raɗa wa kowane wuri suna. Kantar hannun dama ta zama A, ta tsakiya B, ta hagu C, sannan kowane hawa ya samu lamba daga sama zuwa ƙasa: A1, A2, A3. Ana rubuta waɗannan da maka a kan 'yar takarda, a manna da salatif a bakin katakon, yadda za su fito a cikin hoton. Firiji, ƙarƙashin tebur, igiyar da ake rataya ledojin madara da na omo, da ɗakin ajiya, kowanne ya samu nasa suna. Wuraren nan na gefe su ne aka fi mantawa da su, alhali sau da yawa jarin da ke ƙarƙashin tebur ya fi wanda ke kan kanta.

Daga nan sai a daidaita kaya. Kowane iri ya koma wuri guda, sunansa yana kallon waje, a raba ƙaramin gwangwani da babba ko da kamfani ɗaya ne. A nan ne ake magance matsalar zurfi: mai ƙirga ya sa hannu ya duba sahu nawa ne a bayan na gaba, ya rubuta a 'yar takarda ya jingina ta a gaban kayan kafin a ɗauki hoto. Idan tumatirin gwangwani yana jere shida a fuska, hawa uku, sahu biyu cikakku, takardar za ta ce 6×3×2, wato 36. Idan sahun baya bai cika ba, a rubuta adadinsa daban. Wannan 'yar takarda ita ce take mayar da hoto ya zama abin da za a iya ƙirgawa da shi, kuma minti biyun da ake kashewa a kanta ya fi duk wata dabarar da za a yi daga baya a kan kwamfuta.

Ɗaukar hoton kansa ba ya buƙatar waya mai tsada. Ana tsayawa daidai gaban kanta, wayar a miƙe, ba a karkace ba, domin hoton da aka ɗauka daga gefe yana sa kayan nesa su ƙanƙance su ɓoye bayan na kusa. Hawa ɗaya, hoto ɗaya, shi ne ya fi sauƙin bi. Idan hawan ya yi tsawo sai an raba shi biyu, a sa wata alama a inda hoton farko ya tsaya, ko da murfin biro ne, don kada kayan da suka fito a ƙarshen hoton farko da farkon na biyu a ƙirga su sau biyu. Fitilar kyamara tana ƙyalli a kan leda da gwangwani har ta shafe rubutu, don haka hasken ƙofa ko ƙwan lantarki ya fi ta. Bayan kowane hoto a buɗe shi a zuƙo, a tabbatar ana iya karanta nauyin da ke jikin kaya, domin bambancin ledar giram 70 da ta giram 120 ba ya fitowa daga nesa. In za a tura hotunan ga wanda zai shigar da su ta WhatsApp, a tura su a matsayin `Document`, saboda turawa ta hanyar da aka saba tana matse hoto, ƙananan rubutu su dushe. Kowane hoto ya ɗauki sunan wurinsa, kamar `A2.jpg`.

Akwai manhajoji da ke karanta rubutu daga hoto, irin su Google Lens, kuma Excel yana da wani sashe mai suna `Data from Picture`. Suna da amfani wajen kwafe rasit ɗin dila da aka buga da inji ko jerin farashi da ke cikin layuka. A kan kanta kuwa, abin da za su kawo tarin kalmomi ne na jikin kwali, har da na talla, ba tare da sanin wanne ne suna wanne ne nauyi ba. A rubutun hannu kuma suna yawan rikita 1 da 7, ko 0 da 6, don haka duk lambar da suka karanto sai ido ya sake bi ta kanta.

Jadawalin da zai karɓi wannan bayani, a Excel ne ko a Google Sheets, ya fi kyau ya kasance shafi biyu. Dalili shi ne kaya iri ɗaya yakan kasance a wurare da yawa: wasu a kanta, wasu a sito, wasu a buɗaɗɗen katan a ƙasa. Mai shigarwa yana bin hotuna ne ɗaya bayan ɗaya, ba ya bin kaya, don haka idan shafi ɗaya ne zai riƙa komawa baya yana ƙara lamba a kan lamba da ka, kuma a nan ake ɓata. Shafin farko, a kira shi `Kirga`, yana ɗaukar duk abin da aka gani, layi ɗaya ga kowane wuri. Shafi na biyu, `Kaya`, yana da layi ɗaya tak ga kowane irin kaya, kuma shi ne jadawalin da ake nema a ƙarshe. Abin da ke haɗa su ita ce 'yar gajeriyar lamba da ake ba kowane kaya, wadda ba ta canzawa.

Irin kaya a nan yana nufin suna tare da girma. Madarar gari ta ƙaramar leda da ta gwangwani kaya biyu ne, layi biyu, lamba biyu, tun da farashinsu daban ne. Lambar kuma gara a yi ta da haruffan da ba su da ƙugiya, domin a wurin kwamfuta «ƙwai» da «kwai» kalmomi biyu ne mabambanta, kuma wayoyi da yawa ba su da haruffan Hausa a allon rubutunsu. Wasu sukan yi amfani da lambar nan mai zane-zane da ke bayan kaya, wadda galibi take da lambobi 13, kuma wadda aka yi wa rajista a Najeriya take farawa da 615. Tana da kyau, sai dai a mayar da ginshiƙinta `Text` kafin a shigar, in ba haka ba Excel zai nuna ta a taƙaice kamar `6.15E+12`, kuma zai yar da sifirin farko na duk lambar da ta fara da sifiri.

Shawara mafi nauyi a duk aikin ita ce ta ma'auni. Mai shago yana sarin kaya da katan, yana ajiye su da dozin ko rol, yana sayar da su da ɗai-ɗai, kuma a bakinsa duk wannan abu ɗaya ne. Jadawali ba ya gane haka. Dole a zaɓi ma'auni guda ga kowane kaya, kuma wanda ya fi dacewa shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake sayarwa: leda ɗaya, gwangwani ɗaya, ƙwai ɗaya. Duk wani ɗauri sai a warware shi zuwa wannan. Kiret ɗin ƙwai 30 ne, jakar ruwan leda 20, dozin 12. Wanda ba a tabbatar ba, a duba jikin kwalin, domin kamfanoni suna rubuta adadi da nauyin abin da ke ciki, kuma kwalaye biyu masu kama da juna sukan bambanta.

A ɗauki misalin ƙaramar Indomie mai giram 70, wadda katan ɗinta ke ɗauke da guda 40. Farashin da za a ambata a nan na misali ne kawai, tun da na kasuwa ba ya zama wuri ɗaya. A hoton A2 ana ganin tsibi shida, kowanne hawa biyar, wato 30 a fuska. Wanda ya dogara da hoto kaɗai, in ya ga alamar akwai wani sahu a baya, zai ninka ya rubuta 60. Amma takardar da aka jingina ta nuna tsibi huɗu ne kawai a baya, wato 20, don haka abin da ke kan kanta 50 ne. A hoton sito akwai katan uku da ba a buɗe ba, da kuma wani buɗaɗɗe da aka ƙirga aka samu saura 14. A shafin `Kirga` za su shiga kamar haka, ginshiƙi na uku yawan ɗauri, na huɗu abin da ke cikin kowane ɗauri, na biyar kuma ninkinsu:

```
Lamba   Wuri   Dauri   Ciki   Guda
IND70   A2     50      1      =C2*D2
IND70   Sito   3       40     =C3*D3
IND70   Sito   14      1      =C4*D4
```

Wannan zai ba da 50 da 120 da 14. Amfanin rubuta 3 da 40 a gidaje daban, maimakon a buga 120 kai tsaye, shi ne duk wanda ya buɗe hoton sito zai ga katan uku ya kuma ga 3 a jadawali, sai ya san daga ina lambar ta fito. A shafin `Kaya` kuwa, ginshiƙan su ne lamba, suna, girma, ma'auni, adadi, kuɗin sari na guda ɗaya, kuɗin sayarwa na guda ɗaya, sai jarin da ke kwance a kayan. Adadin ba a buga shi da hannu. Ana sa wannan a gidan `E2`, ya tattaro duk layukan da ke ɗauke da lambar kayan:

```
=SUMIF(Kirga!A:A,A2,Kirga!E:E)
```

Amsar za ta fito 184.

Farashi shi ne abin da hoto ya fi gazawa a kai. A yawancin shagunan unguwa babu farashi a jikin kaya, yana cikin kan mai shago ne, kuma ko an rubuta da maka a murfi, wataƙila na sarin da ya wuce ne. Sannan farashi biyu ne, ba ɗaya ba. Kuɗin sayarwa ana tambayar wanda ke tsayawa a shago. Kuɗin sari kuwa daga rasit yake fitowa, kuma rasit yana magana ne da katan. Idan an sari katan a kan naira 9,600, aka biya naira 200 na dako da mota a kan kowane katan, ya iso shago a kan 9,800. A raba da 40, kowace leda ta tsaya a kan naira 245. Mutane da yawa suna barin kuɗin dako a waje, sai ribar ta yi kama da ta fi yadda take. Idan ana sayarwa a kan naira 300, to jarin da ke cikin wannan kaya shi ne 184 sau 245, wato naira 45,080, kuma in an sayar da shi duka za a samu 55,200. Lamba ta farko ce ke amsa tambayar nawa ne ke kwance a shago. Ta biyun fata ce, domin ba a riga an sayar ba. Ginshiƙin jari `=E2*F2` ne, kuma jimillar shagon gaba ɗaya ita ce tattara wannan ginshiƙi.

Yakan faru a ce katan biyu an saro su a tsohon farashi, na uku a sabo. Ana iya ɗaukar matsakaici, ana iya ɗaukar farashin sari na ƙarshe. Ga ƙaramin shago a lokacin da kaya ke tashi, na ƙarshen ya fi amfani wajen yanke kuɗin sayarwa, domin shi ne ya fi kusa da abin da za a biya in za a sake cika kanta. Matsakaicin kuma ya fi kusa da ainihin kuɗin da ya fita daga aljihu. Kowanne aka zaɓa, a bi shi a duk jadawalin, a kuma rubuta shi a sama tare da ranar ƙidayar. A shagunan Nijar akwai ƙarin abin lura: ana faɗin farashi da dala, kuma dala ɗaya sefa biyar ce, don haka «dala ashirin» 100 ce a rubuce. Idan mai shago yana faɗa da baki wani yana bugawa, sai sun yarda tun farko da wane lissafi ake shigarwa. Kwamfutar da aka saita da Faransanci kuma tana kiran wannan ƙa'ida `SOMME.SI`, tana raba sassanta da `;` a maimakon waƙafi.

Kayan awo suna da nasu hukunci. Buhun shinkafa ko sukari da aka buɗe, hoto zai nuna bakinsa ne kawai, kuma «ya kai rabi» ba adadi ba ne. Ana ɗora shi a sikeli. Tun da kwano da mudu suna bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, har ma da yadda ake tsoro a kai, sai a auna kwanon shagon sau ɗaya a san nauyinsa. Idan yana cin kilo biyu da rabi na shinkafa, buhu mai kilo 50 zai ba da kwano 20 a lissafi, saura mai kilo 17.5 kuma kwano 7 ne. A aikace buhu yakan gaza abin da lissafi ya ce, saboda zuba da gyara da ake yi wa masu saye, don haka mai shagon da ya san kwano nawa yake samu a zahiri, da wannan adadin ya kamata ya raba kuɗin buhu.

Akwai kuma abin da ke fitowa a hoto amma bai kamata ya shiga jari ba. Kwalayen da babu komai a ciki da ake jerawa a saman kanta don shago ya cika ido, a hoto ba su da bambanci da cikakku, sai an ɗaga. Burodin da mai gidan burodi ya ajiye a kan sai an sayar a biya, ba na shago ba ne tukuna. Kayan da wa'adinsu ya wuce da gwangwanin da ya kumbura, a ware su gefe, a yi musu hotonsu daban, a ba su shafinsu, domin in suka shiga cikin masu kyau za su kumbura jimilla da kuɗin da ba zai dawo ba.

Bayan an gama shigarwa sai tsaftacewa, kuma kurakuran suna da alamomin da ake gane su. Mafi yawa shi ne cakuɗa ma'auni. Idan aka bar adadi a katan, 3, aka ninka da farashin leda, 245, za a samu naira 735 a inda ya kamata a samu 29,400. Idan aka yi akasin haka, leda 120 a kan farashin katan, sai a ga miliyan ɗaya da dubu ɗari da saba'in da shida a layi guda. Hanyar kama su ita ce a jera jadawalin bisa ginshiƙin jari daga babba zuwa ƙarami, a duba goman sama da goman ƙasa da idon wanda ya san shagon. Ana kuma iya ƙara ginshiƙi da ke raba kuɗin sayarwa da na sari. A misalin nan 300 a raba da 245 ya ba da kusan 1.22. Duk layin da ya faɗi ƙasa da 1, ko ya haura 2 ko 3, ya cancanci a sake dubawa, domin ko dai an yi kuskuren ma'auni, ko kuma da gaske ana sayar da kayan a kan asara ba a sani ba.

Kuskure na biyu shi ne lambar da ta zama rubutu. Idan aka buga «N300» ko «12 guda» a gidan lamba, jadawali zai ɗauke shi a matsayin kalma. Tattarawa da `SUM` za ta tsallake shi shiru, ninkawa kuma za ta kawo `#VALUE!`. Ana gane su da ido, saboda lambobi na gaskiya suna jingina dama a cikin gida, rubutu kuma hagu. A gidan adadi da na farashi lamba zalla ake bugawa, ma'auni yana da nasa ginshiƙi. Na uku shi ne lambar kaya da aka rubuta ta hanya biyu, kamar `IND70` da `IND 70`, ko aka bar mata fili a ƙarshe wanda ido ba ya gani. `SUMIF` ba zai haɗa su ba, sai wani ɓangare na kayan ya ɓace ba tare da wata ƙara ba. Gwaji guda yana tona wannan, a sa shi a wani gida da ba ya cikin ginshiƙin E:

```
=SUM(Kirga!E:E)-SUM(Kaya!E:E)
```

Amsar ta zama sifiri. In ta haura sifiri, akwai abin da aka ƙirga amma bai samu layinsa a shafin `Kaya` ba. In ta yi ƙasa, an maimaita wani kaya sau biyu a can, kuma `=COUNTIF(A:A,A2)` zai nuna shi, domin zai ba da 2 a inda ya kamata ya ba da 1.

Gwajin ƙarshe a cikin shagon ake yin sa, kafin a buɗe wa masu saye, kuma ta fuska biyu. A zaɓi layi goma daga jadawali a je kanta a ƙirga su da hannu, wannan yana kama adadin da aka zuzuta ko aka rage. Sannan a tsaya gaban kanta a nuna kaya goma yadda hannu ya kai, a neme su a jadawali, wannan yana kama abin da aka tsallake ɗungurungum. Idan aka samu saɓani biyu ko uku kuma duk daga hawa ɗaya suka fito, matsalar ta hoton wannan hawan ce ko ta takardar zurfinsa, sai a sake ɗaukarsa shi kaɗai. Idan kuwa sun watsu a wurare daban-daban, to ƙirgar ce gaba ɗaya aka yi ta da gaggawa, kuma a sake bin shafin `Kirga` hoto bayan hoto.

A ƙidaya ta gaba aikin yana raguwa sosai, saboda lambobin kaya da sunayen wurare da ƙa'idojin lissafi duk suna nan. Ana kwafe fayil ɗin a ba shi sabuwar rana, a share shafin `Kirga` a cika shi daga sababbin hotuna, a gyara farashin da ya motsa. Da jadawali biyu a hannu ana iya fitar da abin da ya fita tsakaninsu: adadin farko, a ƙara abin da aka saro, a debe adadin yanzu. Idan an fara da leda 184, aka saro katan biyu wato 80, yanzu kuma saura 150, to guda 114 ne suka bar shagon, kuma a kan naira 300 ya kamata a ga naira 34,200 tsakanin aljihun tebur da littafin bashi.